Odit, bita ko binciken ƙwaƙwaf: wanne mai jari zai biya kuɗinsa?

Akwai wata magana da duk wanda ya yi aikin odit, wato duba lissafin kuɗin kamfani na shekara, a ƙasar nan ya taɓa jin irinta. Shekara ta ƙare, an sa hannu a rahoto, an yi taron masu jari an watse lafiya. Bayan wata huɗu sai a gano kashiya ya daɗe yana yanka. Mai kamfani ya kira odita a fusace: "Malam, ba kai ka ce lissafina daidai yake ba? To me na biya ka?" Shi kuwa ya amsa: "Alhaji, a yi haƙuri a sake karanta abin da na sa wa hannu." Daga nan zumunci ya yi tsami. Abin takaicin shi ne sau da yawa babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Alhaji ya sayi abu ɗaya yana zaton wani abu ne daban, kamar wanda ya je asibiti aka gwada masa jini da hawan jini aka ce lafiya lau, ya fito yana ganin an yi masa alkawarin ba zai kwanta ciwo ba.

Ayyukan da akanta na waje yake sayarwa iri-iri ne, kuma kowanne da tambayar da yake amsawa. Guda huɗu ne suka fi shafar mai jari: cikakken odit, bita, duban wasu abubuwa da aka zayyana aka yi yarjejeniya a kansu, da kuma binciken ƙwaƙwaf. Zan fi daɗewa a kan odit, domin shi aka fi saye kuma shi aka fi yi wa gurguwar fahimta. In an gane iyakarsa, zaɓi tsakanin sauran ukun ba ya wahala.

Bari mu ƙaddara wani kamfanin casar shinkafa a Kano, lambobinsa na misali ne. Mutum biyu suka haɗa jari: Alhaji, wanda ya zuba mafi yawan kuɗin amma ba ya zama a masana'anta, da ƙaninsa wanda shi ne manaja. Cinikin shekara naira miliyan 800, riba kafin haraji miliyan 60. A ƙarshen shekara littafi ya nuna buhu 4,000 na shanshera a sito, kowanne a kan naira 45,000, wato miliyan 180. Akwai bashin da diloli ba su biya ba, akwai rancen banki, akwai takardun kashe kuɗi wajen 6,000 na dizal, gyaran inji, dako da sauransu.

Kamfani mai wannan girma ba shi da zaɓi a kan odit, dole ne. Dokar kamfanoni ta Najeriya, CAMA ta 2020, ta ɗauke wa ƙananan kamfanoni wannan nauyi, amma cikin sharuɗɗan zama ƙarami akwai cewa ciniki kada ya wuce naira miliyan 120 a shekara, dukiyar da ta rage bayan an cire bashi kuma kada ta wuce miliyan 60. Masana'antarmu ta wuce nan nesa. Saboda haka tambayar Alhaji ba "in yi odit ko kada in yi" ba ce. Tambayarsa ita ce: odit ɗin ya ishe ni, ko in ƙara wani abu a kai?

Abin da odita yake sa wa hannu

Abu na farko, odita ba shi ne mai rubuta lissafin ba. Daraktoci ne ke da alhakin shirya shi, kuma rahoton kansa yana faɗin haka ɓaro-ɓaro a wani sakin layi da mutane ba sa karantawa. Aikin odita shi ne ya tara hujja, sannan ya faɗi ra'ayinsa a kan tambaya guda: shin wannan lissafi, a dunƙule, yana nuna gaskiyar halin da kamfani yake ciki, ba tare da kuskuren da ya kai ya canza shawarar mai karatu ba? Kalmar "ra'ayi" ba ado ba ce. Ƙa'idojin odit na duniya, waɗanda 'yan ICAN da ANAN, ƙungiyoyin akantoci na Najeriya, suke aiki da su a nan, sun ce abin da odita yake nema shi ne tabbaci mai ƙarfi, daidai gwargwadon abin da hankali zai ɗauka, amma ba tabbaci na ɗari bisa ɗari ba. Wannan yana cikin ƙa'idar da ake kira ISA 200.

To wane kuskure ne ya kai a damu da shi? Nan ne odita yake fara zana layi tun kafin ya buɗe fayil ɗin farko. A kamfani mai riba, da yawa sukan ɗauki kashi 5 cikin ɗari na riba kafin haraji. Ba doka ce ta yanke wannan adadi ba, al'adar sana'a ce da hukuncin mai aikin, amma an saba da ita. A misalinmu, kashi 5 na miliyan 60 ya zama miliyan 3. Ma'anarsa, in ribar gaskiya miliyan 58 ce aka rubuta 60, ba banki ba, ba Alhaji ba, babu wanda zai sauya shawara saboda wannan. In kuwa ribar gaskiya 40 ce, magana ta canza. Don kada ƙananan kurakurai su taru su tsallake layin ba a sani ba, sai ya yi aiki da adadin da bai kai nan ba, a ce miliyan 2 da dubu 250. Sannan akwai na can ƙasa, kamar naira 150,000, wanda kuskuren da bai kai shi ba ko cikin jerin gyara ba ya shiga.

Da wannan ma'auni a hannu, sai ya duba inda babban kuɗi yake da inda aka fi iya yin wasa. A masana'antar shinkafa, sito ne. Don haka ranar ƙidaya yana nan a tsaye. Ba shi ke ƙidayar ba, ma'aikatan kamfani ne. Shi yana kallon yadda suke yi, ya zaɓi wasu layuka daga takarda ya je ya gan su a ƙasa, ya zaɓi wasu daga ƙasa ya nemo su a takarda. Mai wayo yakan hau saman tsibin ya leƙa ko tsakiyarsa rami ne, ya sa a ɗora wasu buhuna a sikeli, ya soka ya ga ko shanshera ce ko ƙaiƙayi. Daga nan ya rubuta wa banki da kansa, amsa ta dawo hannunsa kai tsaye ba ta hannun manaja ba, a gaya masa nawa ne a asusu da nawa ne rance. Haka yake rubuta wa manyan masu bashi. Yana duba cinikin kwanakin ƙarshe na Disamba da na farkon Janairu, don ya ga ko an jawo cinikin sabuwar shekara an cusa a tsohuwa. Yana kuma yin lissafin hankali: kilo ɗari na shanshera yakan ba da shinkafa tsakanin kilo 60 da 65 ko kusa da haka, to in littafi ya nuna 52, ina sauran? In ya nuna 75, daga ina?

Yanzu a ce manaja ya ƙara buhu 500 a takarda waɗanda babu su a ƙasa. Kuɗinsu miliyan 22 da rabi, ya ninka layin nan na miliyan 3 fiye da sau bakwai, kuma yana mayar da ribar miliyan 37 da rabi ta zama 60. Irin wannan shi aka gina odit don ya kama, kuma odita da ya halarci ƙidaya da idonsa a buɗe ya kamata ya kama shi. In bai je siton ba sam, ya karɓi takardar manaja ya sa hannu, wannan ba iyakar odit ba ce, sakaci ne, kuma Alhaji yana da bakin magana har gaban ƙungiyar da ta ba oditan lasisi. Ina jaddada wannan domin wasu 'yan sana'ar sun mayar da "ai ba garanti ba ne" mafakar lalaci.

Ba kullum aka san haka ba. A shari'ar masana'antar auduga ta Kingston Cotton Mill a Ingila a 1896, manaja ya yi shekaru yana kumbura adadin kayan sito, masu odit suna karɓar takardarsa, kuma kotun ɗaukaka ƙara ta wanke su. A nan ne alƙali Lopes ya yi maganar da ta shahara, cewa odita karen gadi ne, ba karen farauta ba. Sai da badaƙalar kamfanin magunguna na McKesson & Robbins ta fashe a Amurka a 1938, inda aka tarar kaya da basussuka na kusan dala miliyan 19 duk na bogi ne, har da ɗakunan ajiya a Kanada da babu su a duniya, sannan zuwa ƙidaya da rubuta wa masu bashi suka zama tilas a aikin. Kusan kowace ƙa'ida a wannan sana'a, wata asara ce ta haife ta.

Inda odit yake tsayawa

Mu koma kan kashiya. A ce cikin takardun kashe kuɗi 6,000 ɗin nan ya cusa rasit 30 na bogi, kowanne na naira 40,000, dizal da ba a saya ba, gyaran da ba a yi ba. Jimla miliyan 1 da dubu 200 a shekara. A wurin Alhaji wannan sata ce, kuma gaskiyarsa. A ma'aunin odit kuwa ba ta kai rabin layin miliyan 3 ba. Ga kuma wani abu da ke ba mutane mamaki: tun da an rubuta kuɗin a matsayin kashewa, sun riga sun fita daga riba. Ribar miliyan 60 da lissafi ya nuna ita ce ainihin abin da ya rage bayan ɓarawo ya ci nasa. Kuɗin banki daidai, kayan sito daidai. Abin da ya gurɓace kawai shi ne sunan da aka ba kuɗin: an ce dizal, alhali aljihu ne.

Ko da odita ya so ya ci karo da su, lissafi ba ya goyon bayansa. Ba ya duba takardu 6,000, samfuri yake ɗauka, kamar yadda mai sayen hatsi a Dawanau yake soka buhu kaɗan ya yanke hukunci a kan mota guda. A ce ya zaro 60 ba tare da zaɓe ba. Na bogi ɗaya ne cikin kowane 200. Yiwuwar ya zaro sittin ɗin nan ba tare da ko ɗaya na bogi ya faɗo ba ta kai kusan kashi 74 cikin ɗari. Wato sau uku cikin huɗu zai wuce bai gani ba, kuma bai yi laifin komai ba. Kafin ya kai ga samun kashi 95 na damar cin karo da ko guda ɗaya, sai ya duba kusan takarda 600, ninki goma na aikin, a ɓangare ɗaya tak na lissafin. Wa zai biya? Kuma ko ya zaro na bogin, in rasit ɗin yana da hatimi da sa hannun manaja, me zai nuna masa? Odita ba a horar da shi gane jabun takarda ba, kuma ƙa'ida ta yarda ya ɗauki takarda a matsayin ta gaskiya sai in wani abu ya sa shi shakka.

To me samfurin 60 yake gaya masa? In duk sittin suka fito da tsabta, zai iya cewa da ƙarfin gwiwa matsalar da ke cikin tarin ba ta wuce kashi 5 cikin ɗari ba. Wannan amsa ce mai amfani ga tambayarsa. Ba amsa ba ce ga tambayar Alhaji.

Sai dai a lura: in ya ci karo da rasit na bogi ko ɗaya ne, ba ya cewa ƙarami ne ya wuce. Kuskure daban, ha'inci daban. Dole ya sanar da masu kamfani, ya tambayi kansa wa ya yi. In kashiya ne shi kaɗai, matsala ce ta tsari. In da hannun manaja, to duk wata magana da manajan ya faɗa masa a aikin ta zama abin tuhuma, ko da kuɗin dubu arba'in ne.

Iyaka ta biyu ta fi wannan tsanani, ita ce haɗin baki. Duk hanyoyin odit sun dogara ne a kan cewa mutum biyu da ba su haɗa kai ba za su ba da labari iri ɗaya in gaskiya ne. In manaja ya aro buhu 500 daga maƙwabcin sito daren ƙidaya ya mayar washegari, odita ya ga buhuna da idonsa, ya taɓa su. In dila ya yarda ya sa hannu cewa ana binsa miliyan 15 alhali ba a binsa komai, amsa ta zo daga waje kamar yadda ƙa'ida ta nema. A Italiya a 2003, kamfanin madara na Parmalat yana da takarda mai nuna kusan yuro biliyan 4 a wani asusu a Bank of America; a watan Disamba bankin ya ce takardar jabu ce, kuɗin babu su. Ƙa'idar ISA 240, wadda ta shafi ha'inci, ta faɗa a fili cewa ha'inci ya fi kuskure wuyar ganowa, na shugabanni kuma ya fi na ƙananan ma'aikata wuya, domin su ne ke riƙe da makullin tsarin da aka kafa don hana shi. Odita ba shi da ikon ɗan sanda. Ba ya rantsar da kowa, ba ya bincika wayar kowa, ba ya shiga asusun matar manaja.

Iyaka ta uku ba ta da alaƙa da mugunta. Wasu lambobin cikin lissafi ƙiyasi ne. Wani dila a Legas yana riƙe da miliyan 25 wata bakwai, yana biya kaɗan-kaɗan, yana rantsuwa bayan salla zai cika. Nawa za a cire a matsayin wanda ba zai dawo ba? Manaja ya ce miliyan 5. Odita ya duba tarihin biyan mutumin, ya duba abin da ya shigo bayan ƙarshen shekara, ya ga duk adadin da ke tsakanin miliyan 4 da 10 hankali zai ɗauka. Biyar tana ciki, sai ya amince. In dilan ya karye a watan Yuni, ba wanda ya yi ƙarya a watan Maris da aka sa hannu a rahoto. Haka shekarun da inji zai yi yana aiki, haka darajar shansherar da ta fara shan danshi. Abin da shi kansa ba tabbatacce ba ne, ba a yi masa garanti.

Bita: rabin kuɗi, ba rabin odit ba

Bita ana yinta ne a ƙarƙashin wata ƙa'ida daban, ISRE 2400. Akanta yana yin tambayoyi, yana kwatanta lambobin bana da na bara, yana irin lissafin hankalin nan na kilo nawa ya shiga kilo nawa ya fita. A bisa al'ada ba ya zuwa ƙidaya, ba ya rubuta wa banki, ba ya gwada rasit, sai in wani abu ya ɗaga masa hankali. Hatta yadda yake rufe rahotonsa daban ne. Mai odit yana cewa "a ra'ayinmu lissafin ya nuna gaskiya". Mai bita yana cewa "babu abin da ya zo gabanmu da zai sa mu ɗauka lissafin bai nuna gaskiya ba". Bahaushe ya san bambancin "na san shi mutumin kirki ne" da "ban taɓa jin an ce ya yi wani abu ba".

A masana'antarmu, buhu 500 na takarda za su iya tsallake bita cikin sauƙi in manaja ya daidaita sauran lambobin. Bita ta dace da ƙaramin kamfanin da doka ta ɗauke wa odit, wanda mai shi yake zaune a cikinsa kullum, yana son ido na waje ya duba masa ko akantansa yana kan hanya. Ta kuma dace da tsakiyar shekara, tsakanin odit da odit. Ga mai jarin da ba ya wurin, wanda rabin dukiyarsa tana cikin buhuna, ni ba na ba da shawararta a madadin odit. Kuma kafin ka zaɓe ta don sauƙin kuɗi, tambayi bankinka ko mai ba ka kwangila me za su karɓa, kada ka biya sau biyu.

Duban abin da aka zayyana

Wannan shi ne wanda mutane ba su sani ba, kuma shi ne ya fi dacewa da damuwar mutane irin Alhaji. Ƙa'idarsa ISRS 4400. Kai da akanta za ku zauna ku rubuta ainihin abin da zai yi, ya je ya yi, ya kawo maka abin da ya gani. Ba ya faɗin ra'ayi, ba ya ba da tabbaci kowane iri. Hukunci naka ne. Da jin haka sai a ce ai bai kai odit ba. A faɗi, bai kai ba. A zurfi kuwa, a ɗan wurin da ka nuna masa, ya fi shi nesa, domin babu layin miliyan 3, babu samfuri sai in kai ka ce a yi.

Alhaji zai iya rubuta: a ɗauki duk rasit na dizal na shekara, ba wasu ba, a kwatanta kowanne da littafin mai gadin ƙofa da ke nuna shigowar tanka, da awannin da janareta ya yi. A kira kowane mai gyara da aka biya fiye da sau uku a tabbatar yana nan kuma ya karɓa. A je sito sau huɗu a shekara ba sanarwa a ƙidaya. Wannan na ƙarshen shi ne maganin buhunan aro, domin ba a aron buhu 500 cikin minti ashirin. Rasit talatin ɗin kashiya da suka fi ƙarfin odit, a nan da wuya su tsira, saboda lita ta takarda za ta fi abin da janareta zai iya sha.

Rauninsa a bayyane yake: inda ka haska fitila nan kaɗai za a gani. In ka ce dizal, ɓarnar kuma tana wajen sayen shanshera a ƙauye, inda ake rubuta farashin da ya fi na kasuwa a raba bambancin, rahoto zai dawo fes, kai kuma ka ƙara nutsuwa a kan kuskure. Don haka ya fi kyau a tsara shi bayan odit, ta amfani da wata takarda da odita yake bayarwa wadda yawancin masu kamfani suke jefawa a durowa: wasiƙar da yake lissafa raunin da ya gani a tsari. In ya rubuta cewa mutum ɗaya ne ke sayen dizal, shi ke karɓa, shi ke rubutawa, to ya nuna maka inda za ka haska. A ganina wannan wasiƙa ta fi rahoton kansa amfani ga mai jarin da ba ya zama a wurin.

Binciken ƙwaƙwaf

Wannan shi ne karen farautar. Ba a kiransa don a ji daɗi, sai an riga an ga hayaƙi: wani ya tsegunta, ko duban da aka yi ya nuna lita dubu da ba su da mazauni. Mai binciken yana farawa da zargi, ya bi kuɗi har inda suka tsaya, ya kwashi bayanan kwamfuta ta hanyar da kotu za ta karɓa, ya zauna da mutane ɗaya bayan ɗaya. Tambayarsa: wa ya yi, ta yaya, nawa, tun yaushe. Shi ya fi duka tsada, kuma da wuya a san ƙarshen kuɗinsa tun farko, domin rami ɗaya yana kai wa ga wani. Yana kuma da tsadar da ba ta kuɗi ba. A kamfanin wa da ƙani, ranar da mai binciken ya shigo, maganar ta bar ofis ta koma gida, har gaban iyaye. Kashe miliyoyi da zumunci don a tabbatar da satar miliyan 1 da dubu 200 ba ciniki ba ne, sai in ana zargin abin da aka gani somin-taɓi ne kawai. Shi ma ba ya ba da garantin cewa ya gano komai. Yana faɗin abin da hujja ta kai shi.

To wanne?

In tambayarka ita ce ko banki, hukuma ko abokin jari za su iya dogara da lambobin shekara a dunƙule, odit ne, babu madadinsa. In kana zaune a ƙaramin kamfaninka kuma ba wanda ya tilasta maka, bita ta isa. In abin da ke hana ka barci wani ɓangare ne da ka sani, dizal ko sito ko albashin ma'aikatan da ba ka taɓa gani ba, ƙara duban da aka zayyana a kan odit. In ka riga ka riƙe bakin zaren sata mai girma kuma ka shirya zuwa kotu, binciken ƙwaƙwaf. Ga Alhajinmu, ni zan ce odit tun da dole ne, da ƙidayar ba-zata sau huɗu, da duban dizal na shekara ɗaya. Sauran ya jira abin da waɗannan za su nuna.

Wanda kuwa garanti yake so na gaske, wato in an sace a biya shi, ba wurin akanta zai je ba. Akwai inshorar amanar ma'aikata da kamfanonin inshora suke sayarwa, akwai kuma tsohuwar hanyarmu ta mai tsaya wa yaro kafin a damƙa masa kuɗi. Waɗannan su ne ke biya. Odita ana iya kai shi ƙara in ya yi sakaci, amma sai ka nuna bai yi aikin da ƙa'ida ta ɗora masa ba, ba wai kawai an yi sata a shekarar da ya duba ba. Wanda yake shirin sayen hannun jari a kamfanin wani ya ƙara lura: a shari'ar Caparo ta 1990, kotun ƙoli ta Birtaniya a lokacin ta yanke cewa odita yana aiki ne don masu jarin kamfani a jumlace, ba don baƙon da ya karanta rahoto ya zuba kuɗinsa ba. Mai saye ya ɗauki nasa akantan ya duba masa.

Da rahoton odit ya iso hannunka, kada ka tsaya a hatimi. Nemi sakin layin ra'ayi. In ya ce lissafi ya nuna gaskiya ba tare da togiya ba, wannan shi ne mai tsabta. In ka ga "in ban da", to akwai wurin da odita bai yarda ba ko bai samu hujja ba, kuma sakin layin da ke biye zai faɗi wurin, sau da yawa har da adadin kuɗin. "In ban da kayan sito" a masana'antar da sito ne rabin dukiyarta ba ƙaramar togiya ba ce. In ya ce lissafin bai nuna gaskiya ba, ko ya ce ya kasa faɗin ra'ayi sam, kada ka ƙara ko kwabo sai an warware. Duba ko akwai wani sashe da ke maganar shakku a kan ci gaban kamfanin, domin rahoto yana iya zama mai tsabta kamfani kuma yana bakin rami: lissafin ya faɗi gaskiya ne cewa ana cikin matsala. Duba kwanan watan sa hannu, tun da abin da ya faru bayansa ba ya cikin abin da aka duba. Sannan ka yi wa oditan tambayoyi uku da bakinka, ba ta hannun manaja ba: nawa ka sa layinka na bana, kai da kanka ko yaronka kun je ƙidaya kuma a wane sito, kuma wa ya rubuta littattafan da ka duba. In amsar ta ƙarshe ita ce ofishinsa ne ya rubuta su, to mutum ne ya duba aikin hannunsa, sai ka nemi a raba aikin biyu kafin shekara mai zuwa.